Hajiyarmu ta ce zoɓo ya ishe ta, za ta ajiye maganin hawan jini

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Mahaifiyata shekararta 63. Wata huɗu da suka wuce aka auna ta a asibiti aka samu 162/98, aka sake aunawa bayan mako biyu bai sauka ba, likita ya ɗora ta a kan amlodifin, miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum. To tun watan jiya wata ƙawarta ta ce mata ta riƙa shan zoɓo ba sukari, safe da yamma. Shekaranjiya na auna ta da na'urar gida, sai ga 138/86. Yanzu ta kafe wai zoɓon ne ya yi aiki, maganin kuwa babu abin da ya tsinana mata sai kumburin ƙafa. Kuma gaskiya ƙafar ta kumbura, da yamma idan na danna idon sawunta sai yatsana ya bar rami. Ta ce za ta ajiye ƙwayar. In bar ta ne?

Malam Bashir: Wa'alaikumus salam. Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Wannan ba maganar tsofaffi ba ce kawai, an gwada. A Meziko an raba masu hawan jini gida biyu, wasu aka ba su zoɓo wasu aka ba su kaftofiril, maganin asibiti, kuma aka tashi kunnen doki. Ni shekara biyu ke nan ina sha, ban taɓa haɗiyar ƙwaya ba.

Ummi: Ikon Allah. Ni fa tun ina yarinya na san zoɓo ƙara jini yake yi. To mai hawan jini da jini ya riga ya yi masa yawa, a ƙara masa wani? Ni dai tsoro nake ji.

Anti Nas: Ummi ƙanwata, hawan jini ba yawan jini ba ne. Ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya da shi ne ya yi yawa, kamar ki matse bakin tiyo ruwa ya fito da ƙarfi alhali ruwan bai ƙaru ba. Mace tana iya fama da ƙarancin jini kuma tana da hawan jini a lokaci guda, muna ganinsu kullum. Jan launin zoɓo ne ya sa ake haɗa shi da jini.

Maman Ilham, amsa a gajarce: kada ta ajiye. Amma ki jira Yaya Famasis ya shigo, shi ya fi ni riƙe lissafin.

Yaya Famasis: Ga ni, yanzu na rufe shago. Maman Ilham, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Zan fara da abin da Malam Bashir ya yi gaskiya a kai, don kada a ce ɗan kantin magani ya zo kare kasuwarsa. Zoɓo yana sauke jini. Gwajin da na fi yarda da tsarinsa shi ne wanda Diane McKay da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Tufts da ke Boston, aka buga a 2010. Mutum 65 suka ɗauka, waɗanda jininsu ya ɗan hau kaɗan kuma ba sa shan kowane maganin hawan jini. Rabi suna shan kofi uku na shayin zoɓo kullum, rabi suna shan wani ruwa da aka yi wa kala da ɗanɗano irin na zoɓo amma babu zoɓo a ciki. Bayan mako shida, lambar sama ta masu zoɓo ta sauka da 7.2, ta masu ruwan bogi ta sauka da 1.3. Wato abin da zoɓo ya yi da kansa kusan 6 ne. Lambar ƙasa ta ɗan sauka ita ma, amma tazarar ba ta kai a iya rantsuwa cewa ba dace ba ne.

A 2015 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje biyar, mutum 390 gaba ɗaya, suka samu kusan 7 da rabi a sama, 3 da rabi a ƙasa. To ki riƙe wannan bakwai ɗin.

Yanzu koma kan Hajiya. Daga 162 zuwa 138 saukar 24 ce. Ko an ba zoɓo bakwai ɗinsa cif, saura 17, wa ya kawo su? Ƙwayar da take so ta jefar tana da kaso babba a ciki. Sauran kuma bambancin awon asibiti da na gida ne, don mutane da yawa jininsu kan ɗaga da sun zauna gaban likita.

Malam Bashir: To gwajin Meziko fa? Ka tsallake shi, Yaya.

Yaya Famasis: Ban tsallake ba Malam, ina hutar da yatsa ne. Wancan na 2004 ne. Giram 10 na busasshen zoɓo a rabin lita na ruwa, a sha kafin karin kumallo, aka kwatanta da kaftofiril miligiram 25 sau biyu a rana, tsawon mako huɗu. Mutanen ba su kai tamanin ba. Da 'yan mutane kaɗan haka, idan aka ce ba a ga bambanci ba, ba yana nufin babu bambancin ba ne, yana iya zama awon ne bai kai ya gano shi ba. Kamar ka ɗora zobba biyu a sikelin buhu ka ce nauyinsu ɗaya. Sannan babu rukuni na uku da ba a ba komai ba, balle a san nawa ne zai sauka da kansa. Kuma kowa ya san abin da yake sha, wannan jan ruwa, wancan ƙwaya.

Abin da ba a cika yaɗawa ba: masu binciken nan su da kansu sun sake wani gwajin a 2007 da mutane kusan ɗari biyu, wannan karon da lisinofiril. Zoɓo ya sauke jini, amma lisinofiril ya fi shi saukewa.

Malam Bashir: Na ji. Amma ni shaida ce a jikina.

Anti Nas: Malam, nawa jininka yake kafin ka fara?

Malam Bashir: 146 a sama, ranar da na raka wani asibiti na ce a auna ni. Yanzu kuwa 130, wani lokaci 128.

Anti Nas: Sau ɗaya aka auna ka kenan, a ranar da ka kai marar lafiya hankalinka a tashe. Wallahi da ka koma bayan mako ɗaya ba ka sha komai ba, mai yiwuwa ka ga ya sauka. Mutum ba ya fara neman magani sai ranar da ya ga lamba mai tayar da hankali, kuma ranar ita ce ta fi kowace hawa. Duk abin da ya sha bayanta, shi zai kwashe ladan. Ban ce zoɓonka bai yi komai ba fa, ka ci gaba da abinka. Amma kai da Hajiya ba layi ɗaya kuke ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Ku dai ku faɗi gaskiya. Kamfanonin magani ba za su taɓa bari a tabbatar da zoɓo ba, saboda babu riba a ciki. Shi ya sa kullum sai a ce "shaida ba ta isa ba".

Yaya Famasis: Rabin maganarka haka take. Babu kamfanin da zai zuba kuɗin gwajin mutum dubu goma na shekara biyar a kan abin da ba zai iya mallaka ba, shi ya sa gwaje-gwajen zoɓo duk ƙanana ne, na mako huɗu, mako shida, in ya yi tsawo 'yan watanni. Amma sanin dalilin da ya sa ba a yi gwajin ba bai zama an yi shi ba. Ramin yana nan.

Kuma ramin da ya fi damuna ba na lambobi ba ne. Ba don lamba ake shan maganin hawan jini ba, don gudun shanyewar ɓarin jiki ne, da bugun zuciya, da lalacewar ƙoda. Magunguna irin su amlodifin an bi dubban mutane shekara da shekaru ana ƙirga wa ya shanye wa bai shanye ba. Zoɓo kuwa lamba kawai aka auna na 'yan makonni aka tashi. Hankali yana ba da cewa idan jini ya sauka haɗari zai ragu, amma ba a ƙirga ba. Ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu ke nan tace gwaje-gwaje da rariya mai ƙananan ido, sun duba zoɓo a 2010 ba su samu ko gwaji ɗaya da ya cika sharuɗɗansu ba. Da suka sake dubawa a 2021 ɗaya tak suka samu, suka ce bai isa a yanke hukunci ba.

Ɗan Gwagwarmaya: To ka ga, su ma nasu ne.

Anti Nas: Kai dai ba a raba ka da rigima.

Maman Ilham: Yaya na gode, na fahimta. Amma kumburin ƙafar fa? Shi ne ya sa ta tsani maganin. Takalminta ma ba ya shiga da yamma.

Yaya Famasis: Wannan kukan nata gaskiya ne, kada ki raina shi. Amlodifin sananne ne da kumbura idon sawu, ƙafa biyu, ya fi yawa da yamma, ya sace da safe bayan an kwana. Yana buɗe ƙananan jijiyoyi ne ruwa ya ɗan tsattsafo cikin nama, kuma mata sun fi samunsa. Maganin abin shi ne a koma wurin likitan a nuna masa ƙafar. Yana iya sauya mata wani, ko ya haɗa da wanda ke rage kumburin, magungunan hawan jini ba ɗaya ba ne. Zai kuma duba ko ba zuciya ko ƙoda ba ce ke kawo shi. Idan ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura tana ciwo, ko numfashinta na sarƙewa idan ta kwanta, wannan kada a jira ranar da aka ba ta.

Kafin ku je, ki yi mana aiki ɗaya, don awo guda na shekaranjiya ba ya gaya mana komai. Ki auna ta kwana bakwai a jere, safe da yamma. Da safe bayan ta kama ruwa, kafin ta ci komai ko ta sha magani. Ta zauna a kujera mai majingina minti biyar shiru, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai ƙirjinta. Ki ɗaura a fatar damtse, ba kan hannun riga ba. Kada ta yi magana na'ura na aiki, na san wannan ne zai fi wuya. Ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ki rubuta duka, SYS ita ce ta sama, DIA ta ƙasa. A ƙarshe ki watsar da ranar farko, ki haɗa sauran ki raba. A awon gida, daga 135/85 zuwa sama ana ɗaukarsa ya hau, ba sai ya kai 140/90 irin na asibiti ba. Kin ga ko 138/86 ɗin da take murna da shi bai shiga gida ba tukuna.

Ki duba maɗaurin ma. Idan damtsenta kauri gare shi kuma maɗaurin ƙarami ne, lamba za ta fito sama da gaskiya.

Amarya: Ku yi haƙuri na shigo da tawa. Ina da ciki wata shida, a awo aka ce jinina ya ɗan hau, 142/90. In fara shan zoɓon maimakon in koma?

Anti Nas: A'a ƙanwata, a'a. Hawan jinin mai ciki wata duniya ce daban, yana iya rikiɗewa zuwa jijjiga cikin 'yan kwanaki. Gwaje-gwajen da Yaya ya lissafa ba a kan masu ciki aka yi su ba. Ki koma a duba fitsarinki, kada ki wuce ranar da suka ba ki. In kin ji ciwon kai mai tsanani, ko gani na dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ciwo a saman ciki, a daren ki tafi.

Amarya: To Anti, gobe in sha Allahu.

Baban Khalifa: Ni tambayata ta yawan da za a sha ce. Ina kan magani biyu, na ƙara da zoɓo mai kauri, ina cika gora ina kurɓa wuni guda. Rannan na miƙe daga zaune sai na ga duhu, da ban dafa bango ba da na faɗi. Shin zoɓon ne?

Yaya Famasis: Zai iya zama shi, zai iya zama magungunan, zai iya zama zafi da rashin ruwa a jiki, ko duka sun taru. Abin da ake zato daga binciken ɗakin gwaji shi ne zoɓo yana ɗan sa fitsari, kuma sinadaran da ke ba shi jan launi suna ɗan taɓa hanyar da su lisinofiril ke bi. To idan ɗaya daga magungunanka na fitsari ne ko ɗan gidan lisinofiril, ka ga an taru a ƙofa ɗaya. Ka auna a zaune, ka miƙe ka yi minti ɗaya ka sake aunawa. Idan ta sama ta faɗi da 20 ko fiye, ka kai wa likitanka lambobin, ka kuma gaya masa yawan zoɓon da kake sha. Kafin nan ka rage gorar.

Batun yawa kuwa, nan ma akwai gyara. A Boston giram 1.25 ne a kowane kofi, a jiƙa minti shida, wato ƙasa da giram 4 a wuni. A Meziko giram 10. Wasu gwaje-gwajen ma ba shayi ba ne, garin da aka tace aka cusa a kafso ne. Kai kuma ka dumbuza da hannu ka tafasa. Wani zoɓon ja wur ne har yana baƙi, wani fari-fari, wani ya daɗe a ajiye ya kwana biyu. Ƙwayar miligiram 5 ta yau daidai take da ta gobe, kofin zoɓon yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba.

Ummi: Wanda aka sa wa sukari fa? Ni ba na iya shansa haka, tsami kamar ya cire haƙori.

Anti Nas: In kina sha don daɗi, sha abinki. In don jini ne, kofi uku na ruwan sukari kullum ƙiba zai ƙara miki, ƙiba kuma ita ke tura jinin sama. Kin ba da dama kin karɓe da hagu. Tsamin kuwa da gaske yana cin haƙori idan ana kurɓa wuni guda, a kurkure baki da ruwa bayan an sha.

Maman Ilham: Salamu alaikum, na dawo da sakamako, kuma na dawo da labari. Ranar da na fara awon na ce bari in ɗauko mata maganin da kaina. Na buɗe jakarta sai ga katin ƙwayar, na ƙirga, ashe ta riga ta daina. Da na matsa mata ta ce kwana biyu kafin in samu 138 ɗin nan ta ajiye, wai tana so ta gwada ni ta ga ko zan gane. Na yi na yi ta koma, ta ce sai dai a canza mata, ranar ganin likitan kuma sai jibi. Don haka duk awon makon nan zoɓo ne kaɗai a jikinta, kofi biyu kullum.

Na sama da safe, bayan na cire ranar farko: 154, 149, 157, 150, 153, 155. Da yamma: 146, 152, 144, 150, 148, 148. Kowace lamba tsakiyar awo biyu ce. Na safe ya ba ni 153, na yamma 148, duka kusan 151. Na ƙasa 92. Cikin awon ɗaiɗaiku mafi ƙanƙanta da na gani 139, mafi girma 163. Ƙafar kuwa ta sace sosai, abin da take ta nuna mini ke nan.

Yaya Famasis: Sannu da ƙoƙari, kin yi aiki mai kyau. Abin ya fito fili. Amlodifin yana daɗewa a jiki, rabinsa ma sai ya yi kwana ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya fita, gaba ɗayansa kuwa sai a yi mako. Wato ranar da kika samu 138 maganin yana nan yana aiki duk da ta daina. Da ya gama fita, ga inda jinin ya koma.

Ki kuma dubi tazarar 139 da 163, a mace ɗaya, mako ɗaya, na'ura ɗaya. Tazarar 24 ke nan, ta ninka bakwai ɗin zoɓo sau uku. Da ranar 139 kaɗai kika auna, da yanzu muna taya Hajiya murna.

Malam Bashir: Amma Yaya ka yi adalci. Da 162 ta fara, yanzu 151 babu ƙwaya. Goma sha ɗayan nan ai na zoɓo ne. Kuma kai da bakinka ka taɓa cewa wanda nasa ya fi hawa ya fi ganin sauka.

Yaya Famasis: Haka ne, a gwajin Boston ma waɗanda suka fara da lamba mafi girma sun fi sauka. Ba zan ce zoɓo ba shi da ko ɗaya cikin sha ɗayan ba. Sai dai 162 awon asibiti ne, 151 na gida, kuma tsakanin su biyun kaɗai ana iya samun wannan tazarar ko ba a sha komai ba. Da za a raba gardamar sai a ce ta ajiye zoɓon ma mako biyu a sake aunawa, ni kuwa ba zan ce a bar mai 151/92 babu komai don mu ci gardama ba.

Malam Bashir: To ni dai ina nan a kan nawa ne.

Anti Nas: Kai ma ka yi na kwana bakwan mu gani, Malam. Maman Ilham, jibi ki tafi da takardar awon da katin ƙwayar yadda yake, kada ki ɓoye cewa ta daina, in ba haka ba zai zaci maganin ne ya gaza ya ƙara mata yawansa, ƙafar ta fi da kumbura. Ki gaya masa tana shan zoɓo kofi biyu. Daga yau zuwa jibi kuma in kin ga 180/120, ki bari ta huta ki sake aunawa, in yana nan ku tafi. In kuwa bakinta ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji na ciwo, kada ki tsaya neman na'ura.

Maman Ilham: In sha Allahu Anti. Ta ce in tambaye ku, idan an canza mata maganin, zoɓon nata fa? Don ta ce shi kam ba mai raba ta da shi.

Yaya Famasis: Ki gaishe ta, ki ce ba mu da niyyar ƙwace mata kofi. Ya danganta da wanda aka ba ta. Ki turo mini sunan sabon idan kun fito, kuma bayan ta yi mako huɗu a kansa ki sake mana awon kwana bakwai, da zoɓon a yadda ta saba sha, kada ta ƙara kada ta rage.